KASUWAR MIL 12: IDAN HUKUMA TA RUFE ƘOFA, WA KE DA IKON KAI ƘARA?

Ranar Alhamis 3 ga watan Maris na shekarar 1916 da ɗari, watau 2016, Gwamnan Jihar Legas na wancan lokaci, Akinwunmi Ambode, ya ba da umarni a rufe kasuwar Mil 12 da ke kan hanyar Ikorodu, bayan wani rikici da ya ɓarke a unguwar Agiliti, wanda ya jawo asarar rayuka da ƙone-ƙone. An hana zirga-zirga a wasu titunan unguwar, 'yan sanda kuma suka kama mutane da yawa. Ba a sake buɗe kasuwar ba sai cikin watan Afrilu.

Wanda ya san Mil 12 ya san abin da rufewar kwana ɗaya take jawowa, balle ta makonni. Nan ne manyan motoci ke sauke tumatirin Kadawa da na Ɗanja, da albasar Aliero, da tattasai da attaruhu, daga nan kuma ake rarraba su cikin birnin Ikko. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Saboda haka asarar ta shafi falken da ya yi lodi daga Arewa, da dillalin da ke jiran la'ada, da direba, da ɗan dako, har da uwar gida a Agege wadda ta tarar kayan miya sun yi tsada.

To, a cikin waɗannan duka, wane ne kotu za ta saurara idan ya je ya ce an cuce shi? Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya ga an yi ba daidai ba yana iya zuwa gaban alƙali. Ba haka abin yake ba. Kafin Babbar Kotu ta tambayi mai ƙara ko yana da gaskiya, sai ta fara tambayarsa: mene ne naka a cikin wannan magana? Lauyoyi suna kiran wannan ƙa'ida da sunan Latin, lokus sitandi, ma'anarsa wurin tsayawa. A Hausance ikon kai ƙara ke nan. Wanda ba shi da shi, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana, a bakin ƙofa zai tsaya.

DALILIN ƘA'IDAR

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ko a gaban alƙalin gari, idan mutum ya zo yana da'awar gonar da ba tasa ba, abin da za a fara tambayarsa shi ne ko shi magaji ne ko wakili. In ba ko ɗaya, sai a ce ya koma ya turo mai gonar. Hikimar a fili take: mai abu shi ya fi sanin abinsa, shi ne kuma hukunci zai ɗaure. Da za a bar kowa ya yi shari'a a kan haƙƙin wani, da sai wani ya je ya yi ta da sakaci a kayar da shi, mai haƙƙi ya wayi gari an rufe masa hanya. Bugu da ƙari, da kotuna sun cika da masu shisshigi.

Wahalar tana tasowa ne idan abin da aka taɓa ba na mutum ɗaya ba ne, na jama'a ne baki ɗaya, kamar hanya ko rafi ko Tsarin Mulki. A nan idan aka tsananta, sai ya zama hukuma ta karya doka amma babu wanda ya isa ya kai ta ƙara, domin abin kowa ya zama ba na kowa ba. Wannan ja-in-ja ce kotunan Nijeriya suka shafe fiye da shekara hamsin suna yi, kuma mafi yawan manyan shari'un a Ikko aka yi su.

Tun a shekarar 1961 aka ga alamar inda aka dosa. Wani ɗan siyasa mutumin Offa, J. S. Olawoyin, ya ƙalubalanci dokar Jihar Arewa ta 1958 wadda ta hana yara shiga harkokin siyasa. Ya ce yana son ya koya wa 'ya'yansa siyasa, dokar kuwa za ta hana shi. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce ba a kama shi ba, ba a kuma nuna cewa ana shirin kama shi ba, don haka ba shi da abin da zai tsaya a kai. Ba a ma duba ko dokar ta dace da Tsarin Mulki ba.

SANATAN DA AKA MAYAR DAGA BAKIN ƘOFA

Shari'ar da ta fi kowace suna a wannan fanni ita ce ta Sanata Abraham Adesanya. A shekarar 1980 Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya naɗa Mai Shari'a Ovie-Whiskey shugaban Hukumar Zaɓe ta Tarayya, watau Fedeko. Majalisar Dattawa ta amince, amma Adesanya, ɗan jam'iyyar UPN, ya ƙi. Hujjarsa ita ce mutumin yana riƙe da muƙamin Babban Jojin Jihar Bendel, Tsarin Mulki kuwa bai yarda a naɗa wanda ke cikin aikin gwamnati a wannan hukuma ba. Da aka rinjaye shi a majalisa sai ya garzaya Babbar Kotun Legas, ya kuwa yi nasara. Lauyansa shi ne Cif Gani Fawehinmi.

Da magana ta je gaba, sai tambaya ta sauya. Aka bar zancen ko naɗin ya halatta, aka koma kan ko Sanatan yana da ikon kawo ƙarar tun farko. A shekarar 1981 Kotun Ƙoli, da alƙalai bakwai, ta ce ba shi da shi. Sai dai dalilansu sun bambanta, wannan bambanci kuwa shi ya haifar da ruɗani na shekaru masu yawa.

Babban Jojin Ƙasa, Atanda Fatayi-Williams, ya nuna cewa a ƙasa mai tasowa irin Nijeriya ya fi kyau a buɗe ƙofar kotu ga duk ɗan ƙasa da ya ga an saɓa wa Tsarin Mulki, da a bar mutane suna ta gunaguni a kasuwa da tasha. Amma ya ce Adesanya ya zo ne a matsayin Sanatan da aka kayar a ƙuri'a, kotu kuwa ba wurin ramuwar wanda ya faɗi a majalisa ba ce.

Mai Shari'a Mohammed Bello, mutumin Katsina, ya bi wata hanya dabam. Ya dogara da sashe na 6(6)(b) na Tsarin Mulkin 1979, wanda ya ce ikon kotuna ya shafi yanke hukunci a kan haƙƙoƙi da wajibai na mutumin da ke gabanta. Daga nan ya fitar da cewa sai wanda aka taɓa haƙƙinsa na kansa, ko ake gab da taɓawa, shi ne zai iya kawo ƙara. Wannan ra'ayi shi ƙananan kotuna suka riƙe, har ya zama makamin farko da lauyan gwamnati ke zarowa. Sashen yana nan da lambarsa a cikin Tsarin Mulkin 1999.

An ga tsananin ƙa'idar a shekarar 1986, lokacin da wasu mabiya cocin Angilikan na Ikko suka ƙalubalanci naɗin Bishop Adetiloye. Kotun Ƙoli ta ce kasancewarsu 'yan coci kawai bai isa ba, tun da ba su bayyana wane haƙƙi nasu naɗin ya taɓa ba. Akwai darasi a nan ga 'yan kasuwa masu rigimar shugabanci: faɗin cewa ni ɗan kasuwar nan ne ba ya wadatarwa. Sai mutum ya nuna cewa shi ɗan ƙungiya ne mai biyan kuɗi, dokar ƙungiya ta ba shi ƙuri'a ko damar tsayawa takara, an kuma hana shi.

KISAN DELE GIWA

Ƙofar da aka rufe a 1981 ta soma buɗewa ne ta dalilin wani abin baƙin ciki da ya auku a Ikeja, ba nisa da Agege. Ranar Lahadi 19 ga watan Oktoba 1986 aka kai wa babban editan mujallar Newswatch, Dele Giwa, wani ƙunshi a gidansa. Bom ne a ciki, ya tashi, ya kashe shi.

Gani Fawehinmi, wanda yake lauyan mamacin ne kuma abokinsa, ya shirya takardar tuhuma a kan manyan jami'an tsaro biyu, Kanar Halilu Akilu da Laftanar Kanar A. K. Togun, waɗanda suka musanta cewa suna da hannu. A farkon watan Nuwamba ya kai takardar ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Legas. Dokar jihar ta wancan lokaci ta ba mutum damar gabatar da tuhuma da kansa, da sharaɗin Daraktan ya rubuta a jikin takardar cewa ya gani, gwamnati kuma ba za ta ɗauki shari'ar ba. Daraktan bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai ya ga sakamakon binciken 'yan sanda.

Fawehinmi ya nemi Babbar Kotu ta ba shi izinin neman umarnin da ake kira mandamus, watau umarnin da ke tilasta wa jami'i ya yi aikin da doka ta ɗora masa. Kotu ta ƙi. A Kotun Ɗaukaka Ƙara aka ce masa ba shi da ikon kai ƙarar, domin shi ba ɗan'uwan mamacin ba ne, ba kuma haƙƙinsa aka taɓa ba.

Ranar 18 ga watan Disamba 1987 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalanta, ta rushe wannan hukunci. A lokacin Mohammed Bello ne Babban Jojin Ƙasa, Mai Shari'a Obaseki kuma shi ya karanta babban hukuncin. Abin da kotun ta tsayar shi ne, a sha'anin aikata laifi zaman lafiyar jama'a nauyi ne a kan kowa, kowane ɗan ƙasa mai tsaron ɗan'uwansa ne, tun da kuma doka ta ba kowa damar gabatar da tuhuma, to duk wanda aka tare masa wannan hanya an taɓa haƙƙinsa na kansa. Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙara da cewa 'yan'uwantaka a wannan ƙasa ta wuce ta jini.

Ya kamata a lura da iyakar wannan nasara. Ikon shiga kotu kawai Fawehinmi ya samu. A shekarar 1988 Babbar Kotun Legas ta soke tuhumar da aka yi wa jami'an biyu, har yau kuma babu wanda kotu ta samu da laifin kisan. Samun ikon kai ƙara dabam, cin shari'a dabam.

MOTA GUDA, MUTUM BIYAR

A koma Mil 12, a ɗauki misali don a ga yadda ƙa'idar ke aiki. A ce wata mota ta taso daga Kadawa da kwandon tumatir 400, ta iso Ikko ranar da aka rufe kasuwa, aka hana ta shiga, kayan suka ruɓe a bakin hanya.

Na farko shi ne falke mai kayan. Ikonsa ba ya da shakka, gama dukiyarsa ce ta salwanta. Abin da ake bukata shi ne lauyansa ya bayyana wannan a cikin takardar da'awa: kayan nasa ne, adadinsu kaza, ya saye su a kan kuɗi kaza, ranar kaza aka tare motar, wane ne kuma ya tare ta. Wannan yana da muhimmanci, domin idan aka yi gardama a kan ikon kai ƙara, takardar mai ƙara ita kotu ke dubawa, ba ta jiran shaidu. Abin da ba a rubuta ba kamar babu shi ne. Amma shigarsa kotu ba ta tabbatar masa da diyya, domin gwamnati za ta kare kanta da cewa ta rufe kasuwa ne don kare rayuka, wannan kuwa hujja ce mai ƙarfi.

Na biyu dillali. A al'adar kasuwa shi ke magana da yawun falke, shi ke sayarwa, shi ke karɓar kuɗi, sau da yawa ma falken yana can gida bai biyo motar ba. A kotu wannan amana ta baka ba ta mayar da shi mai kaya. Idan kuɗin tumatirin da ya ruɓe ake nema, hanya mafi aminci ita ce falke ya ba shi takardar wakilci, a kuma shigar da ƙarar da sunan falken, dillali yana wakilinsa. Abin da dillali zai nema da sunansa shi ne nasa na kansa, kamar rumfar da yake biya wa haya idan an rushe ta ko an ba wani.

Na uku direba ko mai mota. Idan an fasa gilashi ko an tsare motar, mai ita ke da ƙara. Idan direban aka daka ko aka tsare, shi ke da ita. Ba ɗayansu da zai nemi kuɗin tumatir a matsayin nasa.

Na huɗu mai sayen kayan miya a Agege, wadda tsada ta dama. Asararta gaskiya ce, amma irin ta kowa ce a cikin birnin. Bisa ƙa'idar Adesanya, ba ta nuna wata cuta da ta same ta fiye da sauran jama'a ba, don haka da wuya kotu ta saurare ta.

Na biyar ita ce ƙungiyar 'yan kasuwa, a nan ne kuma aka fi yin tuntuɓe. Ƙungiya tana iya samun dubban mutane da shugaba da sakatare da ofis, amma idan ba ta yi rajista ba, doka ba ta san ta a matsayin mutum ba, ba ta kai ƙara da sunanta, ba a kuma kai ta. Wannan ba raini ba ne ga 'yan kasuwa. A shekarar 1989 Kotun Ƙoli ta faɗi haka a kan Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya kanta, a wata ƙara da Fawehinmi ya kai ta. Magani iri biyu ne. Ko dai ƙungiya ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta riƙa shiga kotu da sunan amintattun, ko kuwa wasu 'yan ƙungiya su shigar da ƙara da sunayensu, a madadin kansu da sauran. Wannan hanya ta biyu tana bukatar abu uku: bukatarsu ta zama ɗaya, kukansu ɗaya, abin da suke nema kuma ya amfani kowa. Saboda haka ta dace da neman a buɗe kasuwa, amma ba ta dace sosai da neman diyya ba, tun da asarar mai albasa ba ɗaya take da ta mai tumatir ba. Yana da kyau kuma a ajiye rubutaccen bayanin taron da aka ba su wakilci, don kada wani ɓangare ya tashi a kotu ya ce bai aike su ba.

Ƙa'idar ba 'yan kasuwa kaɗai take buɗe wa ƙofa ba, har da masu kuka da su. A da, idan abu ya dami jama'a baki ɗaya, kamar toshe hanya, sai Atone-Janar ko wanda ya ba izini ke kai ƙara. A shekarar 1991 Kotun Ƙoli ta sauya wannan a shari'ar mazauna unguwar Ire-Akari da ke Isolo, waɗanda suka kai wani kamfanin sufuri ƙara saboda tirelolinsa sun addabi titunansu. Kotun ta ce ba su bukatar izinin Atone-Janar. Ke nan maƙwabtan kowace kasuwa da manyan motoci ke tare wa ƙofar gida suna da hanyar zuwa kotu da kansu.

WANDA KE TSARE

Akwai wani mutum na shida wanda misalin bai ambata ba, shi ne ɗan dakon da aka kwashe cikin kame, aka kulle shi, iyayensa suna can Arewa, ba shi da kowa a Ikko sai mutanen garinsu. Shi ba ya iya zuwa kotu, waɗanda ke iya zuwa kuma ba su aka tsare ba. Da tsohuwar ƙa'ida za a bi, da sai ya dawwama a ciki.

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Ya kuma ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. A Mil 12 da Agege babu maganar nisan kotu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa da zama a ko'ina cikin Nijeriya, na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Irin wannan magana ta taso a ƙarshen watan Agusta 2019, lokacin da jami'an Jihar Legas suka tare wata mota a yankin Agege ɗauke da mutum 123 daga Jihar Jigawa da babura 48, aka tsare su, daga baya aka sake su.

A wannan fanni ne aka sami canji mafi girma. Ranar 1 ga watan Disamba 2009 sababbin ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam a kotu suka fara aiki, waɗanda Babban Jojin Ƙasa Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu. Gabatarwarsu ta ce kada a kori ƙarar haƙƙin ɗan Adam saboda rashin ikon kai ƙara. Ta kuma lissafa waɗanda za su iya kawo ta: mutum don kansa, mutum a madadin wani, ɗan wata ƙungiya ko rukuni don amfaninsu, mai neman amfanin jama'a, da ƙungiya don 'ya'yanta ko wasu. Idan wanda abin ya shafa yana tsare, wani da ya san maganar da idonsa, ko wanda shi tsararren ya gaya wa, yana iya yin rantsuwar a madadinsa. Ba a kuma sa wa irin wannan ƙara wa'adi ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, ɗan'uwa ko maigida ko Sarkin Hausawan unguwa yana iya zuwa wurin lauya da cikakken sunan wanda aka kama, da ranar kamun, da ofishin da yake tsare, a shigar da ƙara a Babbar Kotu. Sai dai akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, sashe na 46 na Tsarin Mulki ya yi magana ne a kan mutumin da aka keta haƙƙinsa shi kansa, wasu alƙalai kuma sun tsaya a kan cewa ƙa'idojin kotu ba su fi Tsarin Mulki ƙarfi ba. Don haka lauya mai hankali yakan sa sunan wanda aka tsare a matsayin mai ƙara, mai taimako kuma ya zama mai rantsuwa. Na biyu, wannan sassauci na haƙƙoƙin da ke Babi na Huɗu ne da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam. Wanda ya ɗauko rigimar rumfa ko bashi ko shugabancin kasuwa ya sa mata rigar haƙƙin ɗan Adam don ya samu sauƙin shiga, kotu za ta duba ainihin abin da yake nema, ta mayar da shi.

ABIN DA KUSKURE KE JAWOWA

Yaya mai ƙara zai gane cewa ƙararsa ta ci karo da wannan ƙa'ida? Alamar ita ce lauyan ɗaya ɓangaren ya shigar da suka tun kafin a fara jin shaidu, yana cewa kotu ba ta da hurumi. Ikon kai ƙara yana cikin abubuwan da hurumin kotu ya rataya a kansu, saboda haka ana iya tayar da shi a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne, alƙali ma yana iya tayar da shi da kansa. Idan sukar ta yi nasara, duk abin da aka yi a baya ya rushe, kamar yadda nasarar Adesanya ta Babbar Kotu ta rushe. Abin da ake yi a bisa ƙa'ida shi ne a cire ƙarar daga jerin shari'u, ba a kashe maganar ba, don haka wanda ya cancanta yana iya sake kawo ta. Amma kuɗin lauya ya tafi, shekaru sun wuce, wani lokaci ma wa'adin da doka ta ba da ya ƙare.

Shari'ar da ta fi nuna tsawon wannan hanya ita ce ta wata ƙungiya mai sa ido kan gurɓatar muhalli da ta kai Kamfanin Mai na Ƙasa ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko, saboda bututun mai da ya fashe a shekarar 2003 ya ɓata rafukan mutanen Acha a Jihar Abiya. Kotun farko ta ce ƙungiyar ba mazauniyar wurin ba ce, ba ta sha ruwan ba, ba ta da iko. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda da haka. Sai ranar 20 ga watan Yuli 2018 Kotun Ƙoli ta ce ƙungiya mai rajista, wadda ke neman a bi doka a gyara ɓarna don lafiyar jama'a ba don aljihunta ba, tana da ikon kai ƙara. Hukuncin ya faɗaɗa ƙofa ƙwarai a sha'anin muhalli. Amma shekara 15 bayan fashewar bututun, abin da aka yanke kawai shi ne wa ke da bakin magana, aka mayar da shari'ar ƙasa don a fara ta.

Kasuwar Mil 12 ta sake ganin rufewa ta 'yan kwanaki a watan Oktoba 2023, wannan karon saboda maganar tsabta, an kuma daɗe ana zancen mayar da ita Imota. Duk ranar da irin wannan ta taso, abin da zai raba wanda za a saurara da wanda za a mayar ba yawan jama'arsa ba ne, ba kuma girman asararsa ba. Takardar rumfa ce mai ɗauke da sunansa, da rasit na haraji, da takardar lodi, da shaidar rajistar ƙungiya, da rubutaccen wakilci. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kotu ta yarda da wannan, sai dai takan fara neman shaidar cewa ɗakin nasa ne.